Kafin Jarrabawar Sarrafa Kasuwanci

Assalamu alaikum ƴan uwa. Saƙo ne daga wakilinku na aji.

Jarrabawar ƙarshe ta matso, kuma inda aka fi zubar da maki shi ne lissafin gaɓar da ciniki ke mayar da jari, ba riba ba asara. A ɗauki gidan burodi: haya da albashi naira 300,000 a wata, ko an gasa ko ba a gasa ba. Burodi ɗaya ana sayar da shi 1,000, fulawa da sukari da itacen gashinsa sun ci 700. Ragowar 300 ita za ku raba 300,000 da ita, ya ba ku burodi 1,000 a wata.

Masu gaggawa sukan raba da farashin sayarwa, su samu 300. Ku gwada amsarku: burodi 300 sau ragowar 300 naira 90,000 ne kacal, ko rabin haya da albashi bai kai ba.

Don Allah ku rubuta kowane mataki, malamai na ba da makin hanya ko amsar ƙarshe ta kuskure. A zo da katin shaida da kalkuleta, ban da waya. Allah ya ba mu sa'a.