Kore Biyu a Jimlar Turanci: A Gyara wa Ɗalibi, Amma da Hujjar Gaskiya

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni fili a jaridarka mai farin jini in yi tsokaci a kan wata ƙa'ida da mu malaman Turanci muke yawan maimaitawa a aji, wato cewa duk jimlar da ta haɗa kalmomin korewa biyu, irin su "I don't have no money", kuskure ce saboda kore biyu suna soke juna, ma'ana ta koma mai maganar yana da kuɗi. Ina goyon bayan a gyara wa ɗalibi wannan jimla a rubutun makaranta, amma hujjar da ake kafawa ba ta da ƙarfi, kuma tana jawo ɓarna.

Babu wani ɗan asalin harshen, a Landan ne ko a Amurka, da zai ji wannan jimla ya ɗauka mai maganar yana da kuɗi. Korewar guda ɗaya ce, sai dai an sa mata alama a wuri biyu, a jikin aikatau da kuma gaban suna. Bai kamata wannan ya zame wa Bahaushe baƙon abu ba, domin idan muka ce "ba ta zo ba" mun furta "ba" sau biyu, kuma ba wanda ya taɓa cewa ta biyun ta soke ta farkon. Harshen Sifaniyanci da na Rashanci suna tara kalmomin korewa a jimla ɗaya, kuma a wurinsu hakan ne daidaitaccen nahawu.

Shi kansa Turanci haka yake a da. Chaucer, marubucin waƙoƙi ɗan Ingila wanda ya rasu a 1400, ya jera kore huɗu a jimla ɗaya yana yabon wani jarumi da cewa bai taɓa gaya wa kowa baƙar magana ba. Daga baya ne masu ilmi suka riƙa barin salon a rubutu, sannan masu rubuta nahawu a ƙarni na 18, cikinsu har da Robert Lowth wanda littafinsa ya fara fitowa a 1762, suka ayyana cewa kore biyu daidai suke da tabbatarwa. Salon bai mutu ba, ya ci gaba a bakin talakawan Ingila da baƙaƙen fatar Amurka, kuma masanin harshe William Labov ya nuna a aikinsa na 1972 cewa yana bin tsararrun dokoki a karin harshensu.

To, yaya malami zai yi idan ɗalibi ya rubuta "I didn't see nobody"? Ya fara duba abin da yaron yake nufi, wato bai ga kowa ba. Daidaitaccen Turanci yana sa alamar korewa a wuri ɗaya tak, don haka gyaran hanya biyu ne: ko dai a bar korewar a jikin aikatau a ce "I didn't see anybody", ko a mayar da ita kan kalmar da ke biye a ce "I saw nobody". Sannan a gaya wa yaron gaskiya, cewa jimlarsa ta maganar yau da kullum ce a wasu karurrukan Turanci, ita ce yake ji a waƙoƙi da finafinai, amma mai duba takardar WAEC ko NECO zai ƙirga ta cikin kurakurai, kuma ba a rubuta takardar neman aiki da ita.

Ɓarnar da nake nufi ita ce, yaron da aka koya wa ƙirga kalmomin korewa kawai zai shiga gyara jimlolin da ba su da aibi. Jimlar "It is not impossible" daidai take, kuma a nan kam korewar ta soke ɗaya, abin mai yiwuwa ne ko da wuya. Haka ma "I didn't say he wasn't there", domin kowane kore yana cikin nasa sashen jimla da nasa aikatau. Gwajin da ya kamata a ba ɗalibi mai sauƙi ne: ya sauya kalmar korewa ta biyu da takwararta mai farawa da "any", ko da "ever" idan kalmar "never" ce. Idan ma'anar ta tsaya yadda ake nufi, to salon baka ne, sai a daidaita shi. Idan ma'anar ta juye ko sauyin bai yiwu ba, a bar jimlar yadda take.

Ina roƙon masu shirya shafin koyon Turanci na jaridarka su ware mako guda su kawo waɗannan nau'o'i biyu gefe da gefe, tare da atisayen da malamai za su iya kai wa aji.

Wassalam,
Wani malamin Turanci,
Zariya.