Wasiƙa Zuwa Ga 'Yata Kan Giɓin Da Ke Cikin Takardar Neman Aikinta

Agege, Legas

Zuwa ga 'yata, Uwata,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya ke da maigidanki da yara, kuma Ikorodu tana muku daɗi. Mu nan Agege lafiya muke, mahaifiyarki tana gaishe ki.

Na karanta takardar neman aikin da kika rubuta zuwa kamfanin nan na Ikeja da ke neman mataimakin akanta, kuma na ga gara in ba ki amsa a rubuce, domin ki ajiye ta kusa da ke lokacin da za ki zauna gyara. Abin da kika faɗa kan karatunki da shekaru huɗun da kika yi kina aiki ya yi kyau, ban ga abin taɓawa ba. Inda nake da magana shi ne yadda kika yi bayanin zaman da kika yi ba aiki, daga ƙarshen Maris na 2023 zuwa yanzu, lokacin da kika ajiye aikinki kika koma jinyar Hajiya takwararki, Allah Ya jiƙanta da rahama.

Da wannan bayanin kika buɗe takardar, kuma ya cinye kusan rabin shafi. Kin faɗi daren da ɓarin jikinta ya shanye, da kwanciyar da ta yi a asibitin koyarwa na Idi-Araba, da gashin ƙashi, da yadda kika riƙa juya ta a kan gado. Kin ba da haƙuri har sau biyu, sannan kika rufe da roƙon a dubi halin da kike ciki a taimaka miki. Duk abin da kika faɗa gaskiya ne, ni shaida ne, amma takardar neman aiki ba ta da wurin ɗaukarsa. A shekarun da na yi a sashen kula da ma'aikata kafin in yi ritaya, takardu kan taru a tebur har su kere kofin shayina, kuma abin da nake fara yi da kowace shi ne in bi kwanakin da fensir ta gefen shafi, daga aiki zuwa aiki. In na tarar da giɓi sai in ja ɗan zare a wurin, in koma cikin takardar ina neman amsar tambaya guda: shin abin da ya zaunar da mutumin nan ya ƙare, ko zai sake zaunar da shi bayan mun ɗauke shi? Wanda ya amsa mini a layi biyu ko uku, nakan wuce zuwa ga ƙwarewarsa. Wanda ya cika shafi da labarin asibiti kuwa, nakan tausaya masa ƙwarai, amma sai in ji a raina kamar har yanzu hankalinsa yana can bakin gadon majinyaci, kuma wannan zaton ba ya taimakon mai neman aiki.

Saboda haka ki cire bayanin daga farkon takardar. Sakin layi na farko ya faɗi aikin da kike nema da inda kika ga sanarwarsa. Na biyu ya faɗi abin da kika iya, wato haɗa albashin ma'aikata, daidaita littafin kuɗi da takardar banki a ƙarshen wata, da cire harajin albashi a aika wa hukumar harajin jihar Legas. Sai a na uku giɓin zai shigo, bayan mai karatu ya riga ya san cewa ma'aikaciya ce ke magana da shi. Na san da Turanci za ki rubuta, amma ga ma'anar da nake so ki fitar, kuma kada ta wuce jimla uku:

"Daga Afrilu na 2023 zuwa Agusta na 2025 na dakatar da aiki domin kula da wata makusanciyata da ba ta da lafiya. Wannan nauyi ya sauka daga kaina, kuma a shirye nake in koma aiki na cikakken lokaci nan take. A watannin baya na koma karatun jarrabawar ƙwararrun akantoci ta ICAN, na kuma nazarci sababbin dokokin haraji da aka sanya wa hannu a Yuni na 2025."

Ki dubi aikin da kowace jimla take yi. Ta farko ta ba da kwanaki da dalili, kuma dalilin a dunƙule yake, ba sunan cuta, ba sunan asibiti, ba ma a ce kaka ce ko uwa ba. Ta biyu ita ce mafi nauyi, domin ita ce amsar tambayar da na gaya miki, kuma ita ce kika manta gaba ɗaya a rubutunki na farko. Ba dole ba ne ki ce ta rasu. In kika rubuta rasuwa, mai karatu zai ji ya wajaba ya yi miki ta'aziyya, kuma ganawar da ya kamata ta kasance kan lissafin kuɗi sai ta fara da jaje. Jimla ta uku tana kawar da tsoro na biyu da mai ɗaukar akanta yake da shi, wato ko hannunki ya yi sanyi, musamman da yake dokokin harajin nan aka sa su fara aiki daga Janairu na 2026, kuma kowane ofishin kuɗi yana son wanda ya san abin da ya sauya. Amma kada ki rubuta wannan jimlar sai in gaskiya ce har ƙasa. In kika ce kin nazarci dokokin, to ki sani za a iya ce miki ki faɗi abu ɗaya da ya sauya a harajin albashi, kuma shirun da za ki yi a wurin ya fi giɓin kansa illa.

Ban haƙurin ma ki cire shi. Ana ba da haƙuri ne a kan laifi, ke kuwa kin ba da sanarwar wata guda kamar yadda ƙa'idar aikinki ta tanada, kin miƙa littattafai ga wanda ya gaje ki, kin tafi da izini. Haka nan kada ki karkata ɗaya gefen ki riƙa yabon kanki da cewa jinya ta koya miki haƙuri da juriya da iya tafiyar da jama'a. Irin wannan magana ta yi yawa a takardun matasa yanzu, kuma ni dai ban taɓa ganin ta sa an ɗauki kowa ba. Ladan abin da kika yi wa Hajiya yana wurin Allah, ba sai an kai shi ofis ba.

Mahaifiyarki ta gaya mini cewa wata ƙawarki ta ba ki shawarar ki rubuta shekaru kawai ba watanni, ko kuma ki ce kin riƙa yi wa kawunki lissafi a rumfarsa ta kasuwar Mile 12, domin giɓin ya toshe. Ban yarda da ko ɗaya ba. Rubuta shekaru kawai yana iya ɓoye zaman wata biyar ko shida, amma ba ya ɓoye shekara biyu da watanni, sai dai ya sa mai karatu ya yi zaton akwai abin da ake rufewa. Maganar rumfar kawu kuwa ta fi haɗari, domin ramin ƙarya ƙurarre ne, kuma a aikin kuɗi ya fi ƙurewa. Kamfanoni da yawa a Legas suna tuntuɓar tsohon wurin aikin mutum su tambayi ranar da ya fara da ranar da ya bari. Ga kuma asusunki na fansho, wanda bisa dokar fansho ta 2014 ake zuba masa kashi 8 cikin ɗari daga albashinki da kashi 10 daga kamfanin da kike wa aiki kowane wata. Bayaninsa yana nuna watan da zubin ya tsaya ƙarara, in har aka ce ki kawo shi. Wanda aka kama da kwanan wata na ƙarya bayan an ɗauke shi, sallama ce ke biyo baya, kuma bayanin sallama a takarda ta gaba ya fi bayanin jinya wuya nesa ba kusa ba. Don haka kwanakin da ke cikin wasiƙar su zama su ne a takardar tarihin karatu da aikinki, wata da shekara, kuma a can ma ki sa layi ɗaya tak a gurbin giɓin, mai cewa hutun aiki ne domin kula da iyali.

Kin tambayi mahaifiyarki ko haka ƙanin mijinki zai yi, shi da rashin lafiyar kansa ce ta zaunar da shi. Tsarin ɗaya ne, sai dai jimla ta biyu: zai ce ya dakata saboda rashin lafiya, ya warke, kuma likita ya tabbatar zai iya aiki. In cutar mai ɗorewa ce da ake shan magani a kai, kada ya ce ya warke, ya ce lafiyarsa ta daidaita kuma ba ta hana shi aikin da yake nema. Sunan cutar sirrinsa ne. Dokar kare bayanan jama'a ta 2023 ta sanya bayanin lafiyar mutum cikin bayanan da ake ba kariya ta musamman, kuma in kamfani yana son tabbaci, akwai gwajin lafiyar da ake yi lokacin ɗaukar aiki, a can ne likita zai yi magana.

In aka kira ki intabiyu za a sake tambayarki, ko da an karanta takardar, domin ana so a ga yadda fuskarki za ta yi. Ki maimaita abin da kika rubuta da murya daidai, ba ƙari, sannan ki yi shiru ki jira tambaya ta gaba. Shirun nan yana da wuya, kuma a cikinsa ne mutane ke fara zuba bayanin da ba a nema ba. Ki gwada faɗin jimlolin a gaban maigidanki har ki iya faɗinsu idonki bai kawo ruwa ba, don na san rasuwar ba ta daɗe a zuciyarki ba. In suka ce, to in wani ya sake kwantawa a gida fa? Kada ki rantse cewa ba zai faru ba, domin ba a hannunki yake ba. Ki ce an yi tsari a cikin iyali, nauyin ba zai sake faɗowa kan mutum ɗaya ba, kuma wannan gaskiya ce, mun zauna da yayyenki mun yi maganar.

Kafin ki aika takardar, ki kira tsohon shugabanki na ofis ki gaishe shi, ki sanar da shi cewa kin sa sunansa cikin masu ba da shaida a kanki, ki kuma tuna masa watan da kika bar aiki da dalilin barin, domin abin da zai faɗa ya zo daidai da abin da kika rubuta. In takardar amincewa da ajiye aikinki tana nan, ki yi mata kwafi ki tafi da ita ranar ganawa, amma kada ki fito da ita sai an nema.

In kin gama gyaran ki turo mini in sake dubawa kafin ranar rufe karɓar takardu. Ki gaishe da maigidanki, ki shafa mini kan yara. Allah Ya yi miki albarka, Ya sa a dace.

Wassalam.

Mahaifinki