Kafin ki rubuta sunan tsohon shugabanki a fom

'Yata,

Bayan gaisuwa da fatan kina lafiya. Kin ce wurin da kike neman aiki sun buƙaci wanda zai ba da shaida a kanki, kuma tsohon shugabanki kike son sawa. Ya yi, amma kada sunansa ya shiga fom sai kin nemi izininsa. Wanda aka kira ba zato yakan yi jim yana laluben ko wace ce ake nufi, mai kiran kuwa yana lura da wannan jim ɗin.

Ki tuntuɓe shi aƙalla mako 2 kafin ranar rufewa. In wasiƙa zai rubuta, ki ba shi wata guda. Ki ce masa, "Yallaɓai, kana ganin ka san aikina yadda za ka iya yi mini kyakkyawar shaida?" Tambayar ta bar masa ƙofar fita ba tare da kunya ba. In ya fara kame-kame, ki yi godiya ki nemi wani, don shaidar da aka bayar da sanyin jiki ta fi rashinta ɓarna. Ki kuma tambaya ko dokar wurinsu ta yarda ya yi magana a kan ingancin aikinki, domin wasu kamfanoni muƙami da tsawon zama kawai suke tabbatarwa.

In ya amince, a ranar ki tura masa takardar tarihin aikinki, da sanarwar aikin da kike nema, da shafi ɗaya da kika rubuta dominsa. Wannan shafin ne na fi so ki ba ƙarfi. Mutane da yawa sun wuce ta hannunsa bayanki, kada ki dogara da tunawarsa. Ki sa muƙaminki, da watan da kika fara da wanda kika bari, yadda suke a takardarki. In kin rubuta Maris shi kuma ya ce Yuni, ba za a ce ya manta ba, ke za a zarga da ƙari.

Sai ki kawo ayyuka 2 ko 3 da ya gani da idonsa, masu alaƙa da abin da sanarwar ta nema. Misali, in mai kula da kayan sito ake so, kada ki rubuta "ina da ƙwazo". Ki rubuta cewa ke kika mayar da ƙidayar kaya duk mako maimakon duk wata, aka riƙa gano giɓi tun yana ƙarami. Da wannan zai sami abin faɗa in an ce ya ba da misali.

Ki gaya masa ta inda za a neme shi da ranar ƙarshe. In ta imel ne, ya riƙa leƙa `Spam`, can irin waɗannan saƙonni sukan faɗa. Ki karɓi lamba da adireshin da yake amfani da su yanzu, musamman in ya canza wurin aiki. Saura mako guda ki tuna masa sau ɗaya, cikin ladabi. Ko an ɗauke ki ko ba a ɗauka ba, ki sanar da shi ki yi godiya.

Allah Ya yi miki albarka.

Mahaifinki