Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Gwamna Uba Sani: Kada A Rufe Rajista Kafin Rancen Ɗalibai Ya Iso

Mai Girma Gwamna, assalamu alaikum. Allah ya taya ka riƙo.

Ni malamin sakandare ne a cikin garin Kaduna, kuma akasarin yaran da nake koyarwa 'ya'yan masu ƙaramin ƙarfi ne: 'yan tireda, teloli, direbobin keke napep, masu gadi. A kan waɗanda suka tsallake siraɗin jarrabawa suka sami gurbin karatu, amma suka maƙale a bakin ƙofa saboda ranar rufe rajista, nake rubuto maka.

Ba mu manta da abin da ka yi a watan Agustan 2023 ba, wata uku kacal da hawanka. Ka rage mafi ƙarancin kuɗin Jami'ar Jihar Kaduna daga naira 150,000 zuwa 105,000, na Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Nuhu Bamalli daga 100,000 zuwa 50,000, na Kwalejin Ilimi ta Gidan Waya daga 75,000 zuwa 37,500. Mun gode, kuma iyaye da dama sun sami sa'ida. Sai dai ka fi ni sanin cewa kafin ƙarin 2021 ɗan jiha kan biya naira 20,000 da 'yan kai ne a kwasa-kwasai da yawa na jami'ar. Ke nan ko bayan ragin, kuɗin ya ninka na da wajen sau huɗu. Ma'aikacin da ke kan mafi ƙarancin albashi na naira 72,000 da ka amince da shi sai ya haɗa albashin kusan wata ɗaya da rabi, bai ci ba bai biya haya ba, kafin ya biya wa ɗa guda. Mai tura baro a Kasuwar Bacci ko wannan albashin ba shi da shi.

Amsar da ake ba mu yanzu ita ce ga rancen NELFUND nan, wato asusun rancen ɗalibai na gwamnatin tarayya, kowa ya je ya nema. Ni kaina ina tura yara su nema, domin dokar da Shugaba Tinubu ya sa wa hannu a watan Afrilun 2024 ta cire manyan ƙayoyin da ke cikin ta 2023. Ba a neman masu tsaya wa ɗalibi, ba a sa iyakar abin da iyaye ke samu ba, kuma babu kuɗin ruwa, abin da ya kwantar da hankalin iyaye da yawa masu gudun riba. Kuɗin makaranta ana tura shi kai tsaye asusun makarantar, ɗalibi kuma ana ba shi naira 20,000 a wata na ɗawainiya idan ya nema. A takarda tsarin ya yi kyau. Inda yake kayar da ɗan talaka shi ne wajen lokaci.

Ranka ya daɗe, ga yadda abin yake tafiya. Ɗalibi ba ya iya kammala neman rancen sai makarantarsa ta ɗora bayanansa a rumbun NELFUND. Bayan an ɗora, sai ya shiga da lambar JAMB da NIN da BVN, ya cike, ya jira a tantance. Bayan tantancewa sai a jira amincewa, sannan a jira ranar da kuɗin zai faɗa asusun makaranta, sannan ofishin kuɗi na makarantar ya zauna ya raba wannan dunƙulallen kuɗi a kan sunayen ɗalibai ɗaya bayan ɗaya. Kowane mataki yana da layinsa. Ita kuwa ranar rufe rajista tana nan inda aka kafa ta, ba ruwanta da inda takardar yaro ta tsaya a Abuja. Wanda ubansa ke da hali sai ya biya daga aljihu ya jira a mayar masa. Wanda aka yi rancen dominsa shi ne ba shi da abin da zai fara ajiyewa. Rijiya ta bayar, guga ya hana.

Akwai wata tsohuwar ɗalibata, marainiya, mahaifiyarta tela ce. Ta sami gurbi a wata babbar makarantar gwamnati da ba zan kama sunanta ba. Kafin ma sunanta ya shiga jerin ɗalibai sai da ta biya kuɗin karɓar gurbi, da na gwajin lafiya, da na mota, da na mai shagon intanet da ke cike mata takardu. Waɗannan duka daga adashin uwar suka fito. Da ta zo neman rance, shafin ya ƙi gane ta. Sai da muka baje takardunta a kan teburin ofishin malamai muka jera su, sannan muka ga matsalar. A takardar JAMB sunan mahaifinta Muhammad ne, a katin NIN Mohammed, a banki kuma an sauya jerin sunayen, na uba ya dawo gaba. Ranar haihuwa ma ta banki daban take da ta NIN, domin wanda ya buɗe mata asusu ya rubuta abin da ya zo masa ne. Wannan ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Duk malamin da ya taɓa yi wa yara rajistar jarrabawa a Arewa ya san yara da yawa ba su da takardar haihuwa, kuma kowane magatakarda da yadda yake rubuta suna. Gyaran kuma ba kyauta ba ne, sannan ba a yinsa a yini ɗaya.

Ta gyara, ta cike, allon wayarta ya tsaya a kan Pending, wato ana jira, makonni. Ranar rufe rajista ta matso, an ce wanda bai biya ba ba zai yi rajistar darussa ba, wanda bai yi rajistar darussa ba kuma ba zai shiga ɗakin jarrabawa ba. Uwar ta sayar da keken ɗinkinta, ta cika da bashi daga wajen maƙwabciya, aka biya. Daga baya rancen ya fito, kuɗin ya shiga asusun makaranta. A lissafi makarantar ta karɓi kuɗin yarinya ɗaya sau biyu. Aka ce ta rubuto takardar neman mayarwa, ta haɗa da rasit da bayanan asusu, ta riƙa leƙowa. Zangon karatu ya ƙare tana leƙowa. A tsawon wannan lokaci sunanta na cikin littafin masu bashi a NELFUND, maƙwabciya na sallama kullum, uwar kuma tana ɗinki a keken aro, ana raba kuɗin aikin da mai keken. Rancen da aka yi don kada gidan nan ya shiga bashi shi ya bar su da bashi biyu.

Kada a ce wannan labarin mutum ɗaya ne. A 2025 hukumar wayar da kan jama'a ta ƙasa, NOA, ta fito ta ce akwai makarantun da ke karɓar kuɗin rance ba su sanar da ɗalibai ba, har hukumar yaƙi da cin hanci ta ICPC ta buɗe bincike. Wannan magana ce ta ƙasa baki ɗaya. Amma makarantun Jihar Kaduna a ƙarƙashinka suke, kuma gyaran da nake roƙo ba ya buƙatar sabon kasafi ko zuwa majalisa.

Ka ba da umarni a rubuce ga dukkan manyan makarantun jiha cewa duk ɗalibin da ya nuna shaidar an tantance neman rancensa, a bar shi ya yi rajistar darussa, ya shiga aji, ya rubuta jarrabawa, ba tare da tarar jinkiri ba. Makaranta ba ta da abin asara, tunda kuɗin kai tsaye asusunta zai shiga, ba ya biyowa ta hannun yaro. Idan ana tsoron kada wani ya yi karatu ya gudu, ai sakamakonsa na hannun makaranta, ta riƙe har kuɗi ya iso. Sannan a wajabta wa kowace makaranta ɗora bayanan ɗalibanta da zarar an fitar da sunayen waɗanda aka ɗauka, ba sai yara sun fara zarya ba. Duk ranar da kuɗi ya shigo a liƙa sunaye a allon sanarwa, a aika saƙon waya, kuma a sa wa'adi, ko da kwana 30 ne, na mayar wa wanda ya riga ya biya, ba sai ya san wani a ofis ba. Shugaban makarantar da ya saɓa ya zo ya yi maka bayani da bakinsa.

Don Allah, Mai Girma Gwamna, ka tura wani amintaccenka ya tsaya a bakin ofishin kuɗi na kowace makaranta a makon ƙarshe na rajista, ba tare da jiniya ba. Zai ga yara riƙe da fayil suna kiran kawu da gwaggo a waya, kuma a cikinsu akwai waɗanda daga nan gida za su koma su jingine karatun. Yarinya idan ta jingine shekara guda, ba kowane gida ne ke barinta ta koma ba.

Sai maganar Hukumar Tallafin Karatu da Rance ta jiha. Tsorona shi ne kada zuwan rancen tarayya ya sa a ga kamar tallafin jiha ya zama nafila. Rance bashi ne. Shekara biyu bayan bautar ƙasa za a fara cire kashi 10 cikin 100 na abin da mutum ke samu. Wanda ya ranci naira 105,000 sau huɗu ya ɗauki 420,000, ban da kuɗin ɗawainiya. Idan ya fara aiki a kan 72,000, ana cire 7,200 a wata, zai yi kusan shekara biyar yana biyan na makarantar kawai, alhali a daidai lokacin ne ƙannensa ke jiran ya ɗauke su. Ita kuma naira 20,000 ɗin, idan aka raba ta kwana 30 ba ta kai 700 a yini ba, a ciki za a ci abinci, a hau mota, a buga takardu. Wannan giɓin tallafin jiha ne ya kamata ya cike shi, kuma a farkon shekarar karatu, lokacin da ake neman kuɗin karɓar gurbi da na ɗakin kwana. Hukumar ta sa rana tsayayya da iyaye za su sani, ta kuma wallafa sunayen waɗanda suka samu bisa ƙananan hukumomi 23, mu ga ko ɗan Birnin Gwari da 'yar Sanga na samu kamar ɗan cikin gari. A buɗe kuma teburin gyaran NIN da BVN a cikin makarantu lokacin ɗaukar sabbin ɗalibai.

Amma idan abu ɗaya za ka ɗauka daga wasiƙar nan, to umarnin rajista ne. Muna roƙon ya fito kafin makarantu su buɗe shafin rajista na sabuwar shekara, a karanta shi a Rediyon Jihar Kaduna da Hausa, domin iyaye su san abin da za su riƙe idan aka ce musu an rufe.

Wassalam.

Naka,
Wani malamin sakandare,
Kaduna.