Wasiƙa daga Jidda kan gidan hayar da za ka bari

Assalamu alaikum, aminina.

Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, kai da iyali. Ya jikin Hajiya? Allah Ya ƙara mata sauƙi. Na ji saƙonka cewa bizar aikinka ta Doha ta fito, kuma ba ka son sakin gidan da kake haya a Rijiyar Zaki. Na goyi bayanka, domin in ka sake shi, samun irinsa a wannan kuɗin sai an sha wuya. Amma bari in ba ka labarin abin da ya same ni, kada ka taka sawuna.

Shekarar da na fara zuwa nan, hayar gidana na Hotoro naira 600,000 ce. Da lokaci ya yi, na tura wa wani ɗan'uwana kuɗin cif, na ce ya kai wa mai gida. Ya ce an biya. Na tambayi rasit, ya ce Alhaji ya yi tafiya. Bayan wata guda na sake tambaya, ya ce littafin rasit ne ya ƙare. Tun daga nan ya kamata jikina ya ba ni, amma kunya ta hana ni kiran mai gidan. Sai a wata na huɗu Alhajin ya kira ni da kansa, rai a ɓace, yana neman cikon 250,000. Ashe ɗan'uwan nawa ya sayi masara da su ya ajiye, wai in ta yi tsada ya sayar ya cika. Ban ɗauke shi ɓarawo ba, kuma har yau muna zumunci, amma na daina ɗora masa abin da zai zame masa jarrabawa.

Yanzu kuɗin haya ba ya bi ta hannun kowa. Kafin ka tashi, ka je wurin mai gidanka da ƙafarka, ka karɓi lambar asusunsa, ka tabbatar sunan da ke fitowa shi ne wanda ke jikin takardar yarjejeniya. In ta hannun dillali yake karɓa, to ya rubuta maka hakan ya sa hannu. Duk sanda ka tura, ka rubuta a wurin bayani cewa hayar gida kaza ce, daga wata kaza zuwa wata kaza, sannan a ba wakilinka rasit a ranar, ya ɗauko maka hotonsa. Ni ina kiran Alhaji saura wata biyu haya ta ƙare, domin in akwai ƙari in ji daga bakinsa. Kuma don Allah ka tafi da layin wayarka na gida wanda bankinka ya sani, kana ɗan sa masa kati. Layi in ya daɗe a kwance rufe shi ake yi, kuma ta nan lambar sirri take zuwa.

Aikin wakili shi ne ido, kuma ya fi na kuɗin wahala. Gidan da ba kowa ya fi mai mutane saurin lalacewa. A daminar shekara ta biyu ganye da leda suka toshe indararon ɗakin barcina, ruwan Agusta ya riƙa komawa ƙarƙashin kwano. Mai duba mini yana zuwa, amma tsakar gida kawai yake leƙawa ya ce lafiya lau. Da na zo hutu na buɗe ƙofa, warin ruma ne ya fara tarar ni. Silin ya yi ciki ya yi baƙi, katifa ta ruɓe, gara ta ja hanyarta ta ƙasa a jikin bango har cikin kwalin littattafaina. Mai gida ya ce da an gaya masa da wuri gyaransa ne, amma tunda an bar shi ya ci, sai mu raba. Ban iya musa masa ba.

Saboda haka ƙanena yake zuwa sau ɗaya a wata, da damina kuma washegarin duk wani ruwa mai ƙarfi. Yana kirana ta bidiyo, mu shiga ɗaki ɗaki, ya ɗaga wayar in ga kusurwoyin silin da gindin bango, ya buɗe tagogi iska ta shiga, ya zuba ruwa a masai da makwarara don kada su bushe wari da kyankyasai su taso. Ina ba shi kuɗin mai da ɗan alheri kowane zuwa, ba na bari ya zama alfarma.

Wutarka in ba mita mai kati ba ce, ka je ofishinsu ka rubuta a cire ka, in ba haka ba bil zai yi ta taruwa. Sannan ka kai wakilin naka gaban mai gida da maƙwabcinka ka gabatar da shi, ka faɗa a gabansu cewa ba shi da izinin saukar da kowa a gidan.

Ka rubuto mini wanda kake tunanin ba wa makullin, da ranar da hayarka take ƙarewa. Ka gaishe mini da Hajiya da yara.

Naka har kullum,
amininka na Jidda.