Rahoton Sakatare na Ayyukan Shekara

Assalamu alaikum, shugaba, iyayen ƙungiya da sauran 'yan'uwa.

Tarukan wata-wata duk an yi su, ban da na tsakiyar damina.

Aikin da ya yi armashi bana shi ne gyaran shafinmu na intanet. Kun san halin da yake ciki a da. Mai neman fom ɗin rajistar taki sai ya taɓa layuka ukun nan na saman waya, ya shiga "Game da Mu", ya shiga "Ayyuka", ya shiga "Noma", sannan ya ga fom. Taɓawa huɗu ke nan, kowacce da jiran sabis, shi ya sa mutane ke haƙura su kira ni ana tsakiyar sallar magariba.

Kwamiti ya ɗauko littafin ofis ya duba abin da aka fi zuwa tambaya, sai ga abu huɗu: Farashi, Rajistar Taki, Biyan Kuɗin Wata, Tuntuɓe Mu. Su kaɗai muka jera a sama, a fili, ba a ɓoye bayan layuka uku ba, domin abin da ido bai gani ba yatsa ba ya nemansa. Huɗu muka tsaya saboda faɗin allon yawancin wayoyinmu bai wuce fiksel 360 ba. Da mun ƙara, sai rubutun ya ƙanƙance. Kowane maɓalli mun ba shi tsayin fiksel 48, kamar yadda Google ke ba da shawara, don kada babban yatsa ya danna na kusa. Tarihin ƙungiya da hotunan shugabanni sun sauka ƙasan shafi. Na san an ji haushi, amma ba wanda ya taɓa buɗe shafin don ganin hoto. A ƙasan nan muka sa lokutan buɗe ofis da lambar ofis da mahaɗin `tel:`, ana taɓawa waya ta kira.

Ranar Alhamis muka kai shi kasuwar Maigatari gwaji. Mukan miƙa wa mutum waya mu ce, "Baba, nemo mana farashin riɗi," mu yi gum. Wani dattijo ya sa tabarau, ya dangwala sau ɗaya, ya ce, "To ai ga shi." A nan muka ga mutane na tsallake "Tuntuɓe Mu", muka mai da shi "Kira Ofis", nan take aka daina ɓata. Samarin da suka wuni a rana, Allah ya saka musu.

Shafin ajami da muka yi alkawari bai samu ba, kuma ba sakacin kwamiti ba ne. Mai rubutawa kuɗi zai karɓa, asusu kuwa ma'aji zai karanta muku. Kuɗin sabunta adireshin shafin ma shekara-shekara ake biya, na bana aro muka yi. Masu cewa ba su san inda ake biyan kuɗin wata ba, maɓalli na uku ne daga hagu. Sunayen waɗanda ake bi bashi suna wurin ma'aji, za a karanta su a taro mai zuwa.

Sakatare