Takardar rantsuwa: wanda ya gani da idonsa shi ya kamata ya rantse

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon a ba ni fili in yi magana da 'yan'uwanmu 'yan kasuwa mazauna Legas, da kuma ƙananan lauyoyi irina da suke yi musu aiki, a kan takardar rantsuwa, wadda aka fi sani da afidabit. Ba ta canjin suna ko ta shekarun haihuwa nake nufi ba. Ina nufin wadda ake haɗawa da roƙon gaggawa, lokacin da mutum ya ruga kotu yana neman alƙali ya dakatar da wani abu tun kafin a saurari ɗaya ɓangaren. A irin wannan zama ba a kiran shaida, ba a yi wa kowa tambaya. Takardar nan ita ce kaɗai shaidar da ke gaban alƙali.

Wani abu da ya same ni ne ya sa na ɗauki alƙalami. Wani Alhaji mai sayar da hatsi yana hayar sito a Agege, yana biya shekara-shekara. Ranar wata Talata yana Dawanau wajen sayen wake, sai ɗan mai ginin ya zo da ma'aikata uku, suka shafa jan fenti a bangon siton, suka cire kwano biyu daga rufin baya, ya kuma ce ranar Asabar katafila za ta zo. Alhaji ya kamo hanya, ya iso ofishinmu ranar Alhamis da safe ko gida bai biya ba. Na saurare shi, na zauna na rubuta takarda mai sakin layi ashirin da biyu, duka da sunansa. Ni a ganina ta yi kyau.

Maigidana a ofis, dattijo ne da ya daɗe a aikin, ya karɓa ya karanta. Bai ce mini komai ba. Ya juya wajen Alhaji ya ce, "Alhaji, a nan an rubuta cewa ranar Talata sun cire kwano. Kana ina ranar Talata?" Alhaji ya ce, "Ina Kano, ranka ya daɗe." Ya ce, "To wa ya gani?" Alhaji ya ce yaronsa ne da ke tsaron siton. "Maganar katafila fa, wa aka gaya wa?" Nan Alhaji ya ɗan yi shiru, sannan ya ce maigadi ne ya ji, ya gaya wa yaron, yaron ya buga masa waya. Haka ya bi sakin layin ɗaya bayan ɗaya da tambaya guda: ta yaya ka sani? Da ya gama, guda tara ne kawai Alhaji zai iya cewa ni na gani, ni na biya, ni na sa hannu.

Abin da doka ta ce yana sashe na 115 na Dokar Shaida ta 2011. Takardar rantsuwa ba ta ɗaukar komai sai abin da ya faru, wanda mai rantsuwa ya sani da kansa, ko wanda aka gaya masa kuma ya gaskata. Wato doka ba ta hana kawo abin da aka ji ba, kuma wannan ne ke yaudarar mutane. Ta ɗora sharaɗi: idan daga bakin wani ka ji, sai ka faɗi sunansa, ka faɗi ko shi wane ne, da lokacin da ya gaya maka, da wurin, da yanayin da aka yi maganar. "An shaida mini cewa" ba ta wadatar. Sakin layin da ya saɓa wa wannan, alƙali na iya soke shi ko ya ƙi kallonsa, kuma idan shi ne ke ɗauke da gaggawar, roƙon ya tafi tare da shi.

Amma ko an cika sharaɗin, ra'ayina shi ne a roƙon gaggawa kada a dogara da shi matuƙar wanda ya gani yana raye kuma yana gari. Ka sa kanka a kujerar alƙali. Ana so ya ɗaure hannun mutumin da bai ji ta bakinsa ba. Sai ya ga maganar katafila ta bi baki uku kafin ta iso takarda, alhali maigadin da ya ji yana nan Agege, tafiyar da ba ta kai awa ɗaya ba zuwa Babbar Kotu ta Ikeja idan ba cunkoso. Dole ya tambayi kansa me ya hana a kawo shi.

Saboda haka muka raba takardar gida uku. Ta Alhaji ta tsaya a kan abin da ya sani: shi ne ɗan haya, ga yarjejeniyar da ya sa wa hannu, ga rasit na kuɗin bana, buhu nawa ne a siton bisa littafin da yake rubutawa da hannunsa, kuma babu wata takardar tashi da aka taɓa miƙa masa. Ku lura da wannan na ƙarshe. Da farko na rubuta "ba a bayar da takardar tashi ba". Alhaji bai san wannan ba, domin ana iya ba yaronsa yana Kano. Abin da ya sani shi ne shi ba a ba shi ba. Sai yaron ya faɗi nasa a tasa takardar: shi ma ba a ba shi ba. Sannan muka ƙara wa Alhaji sakin layin da babu shi da farko, cewa ranar Alhamis da yamma ya je siton da kansa, ya ga fentin, ya ga ramin da ke rufin, ya ga buhunan da ke ƙarƙashinsa. Sai da muka tura shi ya je ya gani kafin a rubuta.

Ta yaron ta fito kamar haka, in na mayar da ita Hausa: "Ranar Talata da misalin ƙarfe goma sha ɗaya na safe ina zaune a ƙofar siton. Wanda ake ƙara na biyu, wanda na sani domin shi ke zuwa karɓar kuɗin haya, ya zo da mutum uku. Na ga ɗaya daga cikinsu ya hau tsani ya cire kwano biyu daga rufin baya. Na ɗauki hoto da wayata a lokacin." Ba ado a ciki. Akwai rana, da lokaci, da inda yake zaune, da yadda aka yi ya san mutumin. Ta maigadi ta fi gajarta: inda yake tsaye, da kalmomin da ya ji daga bakin ɗan mai ginin, da harshen da aka yi maganar. Da Yarbanci aka yi ta, don haka muka sa sakin layi cewa ya shekara da shekaru a Agege yana jin Yarbanci. Ba don haka ba, wannan ce ƙofar farko da lauyan can ɓangaren zai shigo ta ciki.

Sauran sakin layin da aka zubar ba ma ji-ta-ji-ta ba ne, nawa ne. Na rubuta cewa abin da aka yi ya saɓa wa doka, cewa ɗan hayar shekara yana da haƙƙin sanarwar wata shida a ƙarƙashin Dokar Haya ta Jihar Legas ta 2011, cewa adalci shi ne a amince da roƙon. Sashe na 115 ɗin dai ya hana sa muhawarar shari'a, ko roƙo, ko yanke hukunci a cikin takardar rantsuwa. Ma'aunin da Kotun Ƙoli ta bayar a shari'ar Bamaiyi a 2001 mai sauƙi ne: idan magana ce da lauya zai tsaya ya yi jayayya a kai, ba wurinta ba ne nan, idan magana ce da shaida zai iya faɗa a akwatin shaida, to ta zauna. Maganar wata shida ta koma cikin rubutaccen jawabin lauya. "Zan yi asarar da ba ta gyaruwa" kuwa muka mayar da ita abin da ake iya gani: damina ce, rufi a buɗe, wake ba ya shiri da ruwa, kuma ya nemi wani siton a wurare biyu bai samu ba.

Ita kanta gaggawar sai an rantse a kanta. Tun shari'ar Kotoye da Babban Bankin Nijeriya a 1989 Kotun Ƙoli ta ce gaggawar ta zama ta gaske, ba wadda mutum ya jawo wa kansa da jinkiri ba. Don haka Alhaji ya faɗi yaushe ya ji, yaushe ya taso, yaushe ya iso. Ya kuma ɗauki alkawarin biyan diyya idan daga baya aka gano bai cancanci umarnin ba. Akwai kuma abin da bai so a sa ba: mai ginin ya taɓa ce masa da baki, wata uku da suka wuce, yana tunanin sake gini. Maigidana ya ce sai an sa. Wanda ya je kotu a bayan idon abokin shari'arsa wajibi ne ya faɗi har abin da bai yi masa daɗi ba, domin in aka gano ya ɓoye, wannan kaɗai ya isa a janye umarnin.

Wata al'ada da nake so a rage ita ce ta sa magatakardan ofishin lauya ya rantse a madadin mai ƙara, yana cewa lauya ya gaya masa cewa mai ƙara ya gaya masa. Ana yi ne don sauri. A ƙaramin roƙo kamar neman ƙarin lokaci ba laifi. A rikicin da za a musanta kowace kalma kuwa, idan takardun ɓangarorin biyu suka ci karo kotu na iya kiran waɗanda suka rantse su yi bayani da baki, kuma magatakardan da bai taɓa taka Agege ba ba shi da abin faɗa.

Sai abin da ya fi shafar mutanenmu. Da Turanci ake rubuta takardar, maigadi kuwa ba ya karanta boko. Sashe na 119 na Dokar Shaida ya ce a irin wannan hali sai an rubuta a ƙarshen takardar cewa an karanta masa, an fassara masa da harshensa, kuma ga alama ya fahimta. Kada kowa ya dangwala yatsa kafin a yi haka a gaban kwamishinan rantsuwa, kuma ba a rantsuwa a gaban lauyanka ko magatakardansa. Da ake fassara wa maigadi tasa, ya tsayar da tafinta ya ce, "A'a, Malam, bai ce Asabar da safe ba, Asabar kawai ya ce." Ni na ƙara safiyar ba tare da na lura ba. Muka koma aka sake bugawa.

Ranar Juma'a aka saurari roƙon, aka ba da umarnin wucin gadi. A dokokin Babbar Kotun Legas irin wannan umarni kwana bakwai yake yi, don haka a ranar muka tabbatar an kai wa ɗaya ɓangaren takardun roƙon da za a saurara a gaban kowa. Da martaninsu ya zo, sun musanta maganar katafila gaba ɗaya, amma ba su ce uffan ba a kan kwano biyun da yaron ya gani.

Wassalam.

Naku,
Wani lauya mai karanta jaridarku,
Agege, Legas.